Sharhi kan zaman da muka yi da masaniyar halayyar yara a kan ƙin makarantar 'yata

Tun da 'yata ta koma makaranta ba tare da kokawa ba, iyaye mata suke ta tambayata ko kuɗin da na kashe wajen ganin masaniyar halayyar yara sun biya buƙata. Sun biya, amma kada ki je da zaton za ki miƙa yarinya a gyara miki ita ki dawo ki ɗauka. Ko ƙwaya ɗaya ba a rubuta mana ba. Abin da na saya tsari ne a kan takarda, da wadda za ta duba shi tare da ni duk mako. Sauran aikin a kaina ya faɗa, ni da malamar ajinta.

Yarinyar shekararta 6, tana aji ɗaya na firamare. Abin ya faro ne bayan an kwantar da ni a asibiti lokacin haihuwar ƙaninta. Da na dawo gida sai ta zama ko banɗaki na shiga tana tsaye a bakin ƙofa. Da safe kuwa ciwon ciki, wani lokaci har da amai, amma ranar Asabar da Lahadi garau take. An yi gwajin maleriya da taifot, ba a sami komai ba. A gida kowa da fassararsa: kakarta ta ce a ƙyale ta ta ƙara wayo, babanta ya ce shagwaɓa ce, wata maƙwabciya kuma ta kawo zancen iska. Likitan yaran da ya duba ta ne ya tura mu wurin masaniyar, a wani asibiti mai zaman kansa da ba zan ambaci sunansa ba.

Zaman farko na minti 45 kusan duk tambayoyi ne, kuma nan ne na fara ganin ta san aikinta. Ba ta yarda ta kira abin tsoron rabuwa ba sai da ta kawar da sauran dalilai. Akwai malamin da ke dukanta? Akwai yaran da ke cin zalinta ko ƙwace mata kuɗin tara? Tana ganin allo sosai, tana gane karatu? Sannan ta yi tambayar da ta raba gardama: idan na zauna tare da ita a cikin ajin, za ta zauna? Za ta zauna mana, har ta yi rubutu. Ta ce to ba makarantar take tsoro ba, tafiyata take tsoro. Yaron da bulala ko cin zali ya kora daga makaranta, wannan tsarin ba nasa ba ne, gyara makarantar ake fara yi. Ta kuma bayyana cewa ƙiwa a wurin ɗan shekara 1 ko 2 al'ada ce, ba cuta ba. Ana ɗaukarta matsala ne idan ta wuce abin da ya dace da shekarun yaro, ta kai mako 4 tana ci, kuma tana hana shi harkokinsa.

Hikimar tsarin mai sauƙi ce. Duk ranar da yarinya ta yi kuka aka bar ta a gida, tsoronta yana sauka nan take, sai zuciyarta ta riƙe cewa zaman gida ne ya cece ta. Gobe kukan zai fi na yau. Maganin shi ne ta ɗanɗani rabuwa kaɗan kaɗan, gwargwadon da za ta iya jurewa, ta tsaya a ciki har ta gani da idonta cewa Umma ta tafi kuma ta dawo, ba abin da ya same ta.

Don a san gwargwadon, masaniyar ta zana ma'auni daga 0 zuwa 10, da fuskoki daga mai murmushi zuwa mai hawaye, domin 'yar shekara 6 ba ta iya lissafa tsoro da lamba ba. Tare da yarinyar aka jera matakai kamar tsani, kowanne tana nuna fuskar da ta dace da shi. Wucewa ta ƙofar makaranta a A Daidaita Sahu ta ba shi 2. Shiga aji ina zaune a baya, 4. In tsaya a baranda inda take hangena ta taga, 6. In fita daga makarantar gaba ɗaya, 10, har ta ƙara zana wa fuskar hawaye da biro.

Ba a makaranta muka fara ba, a gida muka fara. In bar ta wurin kakarta in shiga maƙwabta na minti 5, in dawo a kan lokaci. Washegari minti 10, sannan 20, sannan in je kasuwa. Da wannan ya zauna, sai muka je makarantar da yamma bayan an tashi, ba hayaniya, ta nuna min bencinta, ta gaisa da maigadi. Daga nan ta sa yunifom muka je da safe na darasi ɗaya, ina zaune a bencin ƙarshe. Sai kujerata ta koma bakin ƙofa, ta koma baranda, ta koma ofishin shugabar makaranta inda ba ta ganina amma ta san ina nan. Ƙa'idar hawa ita ce kada a matsa gaba sai tsoron matakin ya sauka zuwa kusan rabi, kuma an maimaita shi kwana 2 ko 3 a jere. Idan mataki ya gagara, ba a komawa gida, ana raba shi biyu ne.

Hakan kuwa ta faru da mu daidai tsakanin ofis da fita waje. Ranar farko da na nufi ƙofar fita, ta yi ihun da aka ji a ajin da ke kusa, ta riƙe min gefen hijabi da hannu biyu har sai da malamar ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na kira masaniyar raina a jagule. Ta ce tsalle ne ya yi yawa, daga ofis zuwa waje ba mataki a tsakani. Sai aka ƙara guda biyu: in zauna a bencin maigadi na minti 15, sannan in fita sayen ruwa a shagon da ke kallon makarantar na minti 10. Ta kuma gargaɗe ni cewa kuka yakan ƙaru kafin ya ragu, don yaro yana gwada hanyar da ta saba yi masa aiki da ƙarfin da ya fi na da. Abin dubawa ba kukan rabuwa ba ne, tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta natsu bayan na tafi ne. Malamar ta riƙa rubuta shi a bayan littafin aikin gida. Daga kusan rabin awa ya dawo minti 10, ya dawo 'yan hawaye kawai kafin a gama taron safe. Ba don wannan rubutun ba da na ɗauka ba ma ci gaba, domin ni kukan kaɗai nake gani.

Abin da ya fi amfanata a duk zaman shi ne yadda ake sallama. Mu mun saba da lallaɓawa a sulale idan hankalin yaro ya ɗauku. Ta hana wannan ƙwarai, domin yaron da aka sulale masa sau ɗaya ba zai ƙara ɗauke ido daga kanki ba. Sallamar gajeriya ce, ba ta kai minti 1 ba, kuma kalmominta ba sa canzawa: “Na san kina jin tsoro, kuma na san za ki iya. Zan dawo lokacin tara.” Addu'a, sumba a goshi, in juya ban waiwayo ba. Ba a ce mata ƙarfe goma, ana ɗaura alƙawarin ne da abin da ta sani, kamar ƙararrawar tara ko ta tashi. Kuma idan na ce lokacin tara, to kafin a kaɗa ƙararrawa ina tsaye a wurin. Makarar minti 15 tana iya rushe aikin mako guda.

A ranakun da ba ta cika yini a makaranta ba, gida ba ya zama wurin shaƙatawa: ba talabijin, ba waya, aikin aji za ta yi har lokacin tashi. Ladan hawa mataki kuma ƙarami ne, tauraro a takardar da muka manna a jikin firij, taurari 5 su zama zuwa gidan gwaggonta.

Akwai inda aikin nasu ya gaza. Tsarin ya rataya ne a kan haɗin kan makaranta, amma ba su da wanda zai je ya yi wa malamai bayani. Wasiƙa suka ba ni da Turancin likitoci, ni ce na zauna da shugabar na warware mata. Mun yi sa'ar malama mai haƙuri, to ina ga ajin da yara suka cika maƙil, malami ɗaya, wa zai tsaya rubuta minti nawa ɗanki ya yi kuka? Haka kuma takardar tasu ta ɗauka uwa da uba ne kaɗai a gida. A gidanmu kaka ce mai faɗa a ji, kuma ita ce za ta ce “Haba, ku bar min ita yau ɗaya.” Sai da na roƙa aka yarda Hajiya ta halarci zama ɗaya. Da ta ji da kunnenta, ita ta koma mai lissafa taurari. Kamata ya yi su gayyaci irin wannan mutum tun farko. Islamiyya ma ba ta cikin lissafinsu, alhali rabuwa ce ta biyu a yini ɗaya. Mun jinkirta ta har boko ta zauna, sannan muka bi ta da tsani gajere. Ga kuma lokaci: makonnin farko suna cinye safiyar mutum, ma'aikaciya sai ta nemi izini ko ta ɗora wa uban yaran. Masaniyar ma ta ce sau da yawa rabuwa ta fi sauƙi idan wanda yaron bai fi maƙale wa ba ne ya kai shi, kuma da babanta ya karɓi kaiwar daga baya mun ga bambanci.

Wanda ɗansa ya fara wannan hali, kada ya jira zango ya ƙare, domin duk makon da aka ƙara a gida yana ƙara wa tsanin tsawo. Idan kuma yaron ya daina cin abinci, ba ya barci, ko yana zancen cutar da kansa, likitan ƙwaƙwalwa na yara za a nufa kai tsaye. A kuma sa ran koma baya ranar Litinin, bayan zazzaɓi, da bayan dogon hutu. Mu bayan hutun Sallah ciwon cikin ya dawo. Takardar da masaniyar ta ba mu da ta sallame mu ta riga ta faɗi abin yi: a sauka mataki ɗaya ko biyu kawai, ba ƙasan tsani ba. Na koma bencin maigadi na minti 15, kafin Juma'a babanta ne yake sauke ta a bakin ƙofa ya wuce aiki.