Kafin ka sayi kayan daidaita kalar yadi da hoton ɗinki

Abin da ya sa na shiga wannan harka ankon bikin ƙanwata ne. Na tura wa tela hoton kaftani da na rina a waya, na ce ga kalar, makuba. Ya nuna wa mai shadda a kasuwa, aka yanko yadi goma goma na mutum shida, da aka kawo sai ga wani abu tsakanin ruwan hoda da ruwan goro. Ba laifinsa ba ne, ni na ɗauki hoton ƙyallen da na kwafi kalar daga jikinsa da daddare a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Tun daga ranar, kome za a tallata mini tambayata ɗaya ce, zai ba ni lambar kala ko ido zan bi?

Manhajojin waya masu dangwala hoto su ba ka hex, wato lambar kala, a bar su, da yawansu ɗigo ɗaya suke karantawa. Canva ta kwalliyar fosta ce. Photopea kyauta ce kuma tana da Color da Multiply, wato hanyoyi biyu na ɗora kala a kan hoto, in aljihu ya yi sanyi za ta fitar da kai kunya. Amma ni Photoshop nake biya duk wata, ina mita ina biya, saboda Lab.

Lab ya raba kala gida uku. L haske ne daga 0 zuwa 100, a daga kore zuwa ja, b daga shuɗi zuwa rawaya. Amfaninsa shi ne in kala ta kauce ka san ta ina ta kauce, duhu ne ya yi kaɗan ko jan ne ya yi yawa, ba wai ka yi ta jan maɓalli kana addu'a ba.

Ga yadda na gyara waccan makubar. Na shimfiɗa ƙyallen a inuwa da hantsi, na ajiye kati mai ruwan toka na masu hoto, wanda ake ce wa na kashi 18, a gefensa. Na ɗauke su hoto tare, a Curves, wajen gyara haske da kala a Photoshop, na dangwala katin da tsinken tsakiya, rawayan da ke hoton ya fita. Sai Eyedropper, tsinken auna kala, na mayar da Sample Size zuwa 31 by 31 Average, don shadda tana da sheƙi da zanen saƙa, ɗigo ɗaya zai iya faɗawa kan ƙyalli ya yi maka ƙarya. Na auna wuri uku da ba ƙyalli ba inuwa, na samu kusan L 28, a 38, b 14.

Kaftanin da ke hoton ruwan omo ne, L ɗinsa wajen 70. Na zagaye shi, na ɗora Solid Color, wato shimfiɗar kala ɗaya, da waɗancan lambobin, na sa shi a Color. Nan ne mutane ke cewa manhaja ta lalace, don ruwan hoda zai fito. Color launi kawai yake ɗorawa, hasken rigar ta ƙasa yana nan yadda yake. Sai ka sa Curves a ƙarƙashinsa ka ja tsakiya ƙasa, idonka na kan Info mai nuna lambobin, har L ya sauko 28 a ƙirjin rigar. Multiply kuma sai in rigar fara ce, a kan mai kala duhu yake tarawa ya kashe aikin wuya.

To katin tokar nan shi ne inda ake cutar mutane, kuma abin na ba ni haushi. Na taɓa sayen wani mai arha, ashe kwali ne aka buga wa toka a firinta. Da na haɗa shi da na wani abokina mai hoto a hoto ɗaya, nasa a da b suna kusa da sifili, nawa b ya tafi wajen -6, wato ya ja shuɗi, duk abin da na gyara da shi sai ya koma rawaya-rawaya. In kati yana ƙyalli in ka karkata shi, ajiye musu abinsu. Haka littafin Pantone mai samfurin kaloli da lambobinsu, na yadi mai lambar TCX ƙyallen auduga ne na gaske a ciki kuma yana da tsada sosai, wanda ya miƙo maka na takarda a ɓagas ya ce duk ɗaya ne, ƙarya yake. Tsohon da ya sha rana ma ya koɗe, lambar na nan amma kalar ta tafi. Masu sayar da Photoshop a filashi "na har abada" kuwa, wani ya taɓa cika mini kwamfuta da bairos.

Kuma duk wannan wahalar, wayar tela ba lallai ta nuna abin da allonka ya nuna ba, musamman in ya kunna abin rage shuɗin haske na dare. Shi ya sa yanzu hoton na fasalin ɗinki ne da yardar masu anko, ƙyallen kuwa sai na yanki kamar faɗin yatsa uku na maƙala masa a takarda, in ce Malam, da wannan za ka shiga kasuwa, kuma ka fito da shaddar bakin shago ka duba ta a hasken rana kafin a sa almakashi.