Wa Za Ka Ba Gyaran Turancin Babi na Uku?

Wani ƙanena da ke digiri na biyu a fannin tattalin arziƙin noma ya yi bincikensa a kan manoman albasa na Aliero. Malamin da ke duba aikinsa ya dawo masa da babi na uku, wato babin da ake bayanin yadda aka gudanar da bincike, ya rubuta masa da jan biro cewa ya je a gyara masa Turanci. Ya zo wurina a Birnin Kebbi yana tambaya: "Yaya, wa zan kai wa?" Na ce kafin ya biya kowa ko kwabo, mu ɗauki sakin layi ɗaya mu gwada mutanen da yake da su a zuciya. A cikin sakin layin akwai wannan jimla:

"Questionnaire was shared to the farmers randomly and 120 was retrieved."

Wanda ya fi sauƙin samu shi ne mai shagon kwamfuta da ke buga wa ɗalibai aiki a bakin makaranta. Shi ya daidaita tazarar layi da girman haruffa, ya bi kalmomin da Microsoft Word ya ja wa jan layi ya gyara. Jimlarmu kuwa ta fito yadda ta shiga, domin babu kalmar da aka rubuta ba daidai ba a cikinta. Aikinsa yana da amfani ranar da za a ɗinke kundi, amma iyakarsa ke nan, kada ka biya shi kuɗin abin da bai yi ba.

Na biyu malamin Turanci ne, mutum mai ƙwarewa da ya daɗe yana koyarwa a sakandare. Ya dawo da ita haka:

"Questionnaires were randomly distributed to the farmers, and 120 were retrieved."

Ta fuskar nahawu babu abin cewa. Ya mayar da tilo jam'i, ya cire "shared to" da muka saba faɗa a nan gida. A sauran sakin layin ma ya kama abubuwan da suka fi kayar da mu: "a" da "the" da muke zubarwa ko mu sa inda ba wurinsu ba, da "will be" guda biyu da suka maƙale tun lokacin da aka rubuta shawarar binciken, alhali aikin an riga an yi shi, dole ya koma "was" ko "were". Idan matsalarka iyakarta nahawu, irin wannan malamin ya ishe ka, kuma kuɗinsa ba zai karya ka ba.

Sai dai jimlar tana ɗauke da wata cuta da malamin bai gani ba, kuma ba laifinsa ba ne. Mutum na uku ne ya gano ta, wani Dakta da ke koyarwa a fannin kuma ya sha buga maƙala a mujallu. Shi bai taɓa jimlar ba sam. Tambayoyi ya jera a gefe: Takarda nawa ka raba? Ta yaya ka zaɓi manoman? Su suka cike da hannunsu?

Da muka zauna, ƙanen nawa ya ce: "Gaskiya Yaya, kasuwar albasa na je, duk manomin da ya yarda ya saurare ni sai in yi masa tambayoyin." To a bakin mai bincike "randomly" ba ya nufin "duk wanda na ci karo da shi". Yana nufin kana da jerin sunayen manoman, ka yi ƙuri'a ko ka sa kwamfuta ta zaɓa, ta yadda sa'a ce kawai ke tsayar da wanda zai shiga. Abin da ya yi sunansa "convenience sampling", kuma ba haramun ba ne, amma yana rage ƙarfin iƙirarin da zai yi a babi na biyar. Manomin da ya sayar da albasarsa tun a gona bai zo kasuwa ba, don haka ba ya cikin lissafi. Sannan yawancin manoman ba su karanta takardar ba; shi ya riƙa karanta masu da Hausa yana cikewa. Mutum 150 ya tambaya, 120 ne amsoshinsu suka cika. Ga yadda jimlar ta koma:

"A structured questionnaire was administered orally in Hausa to 150 onion farmers selected by convenience sampling at Aliero market, and 120 complete responses (80%) were analysed."

Yanzu wani zai iya karanta ta ya maimaita aikin, wanda shi ne abin da ake nema a wannan babi. Da an bar gyaran malamin Turanci kawai, da kuskuren ya sha kwalliya ya tafi zauren kare kundi, inda mai jarrabawa daga waje zai ce a nuna masa jerin sunayen da aka yi ƙuri'a a kai.

Daktan ya kuma tsaya a kan awo. Ƙanen nawa ya rubuta amfanin gona da buhu. Buhun albasa ba awo ba ne da mai karatu a wata ƙasa zai gane, nauyinsa ma yana canzawa da girman buhun da yadda aka cika shi. Mai gyara na ƙwarai zai ce ka faɗi kilo nawa ka ɗauki buhu da yadda ka samo adadin. Wanda ya zauna ya ƙirƙira maka adadin da kansa, ka gudu daga gare shi. Wannan ya wuce gyara, ya shiga ƙaga bayanai, kuma sunanka ne a bangon kundin.

Wahalar mutum irin Daktan ita ce lokaci. Aiki ya yi masa yawa, babinka zai iya kwana biyu a jakarsa, kuma idan alfarma yake maka ba ka da bakin matsa masa. Gara ku yi magana a fili tun farko kan rana da abin hasafi.

Akwai kuma kamfanonin waje irin su Editage da Enago, da sashen gyaran harshe na Elsevier. Suna cajin kuɗi bisa yawan kalmomi, da kuɗin waje, suna kuma ba da takardar shaidar gyara da wasu mujallu ke buƙata. Idan mujallar ƙetare ta dawo maka da maƙala saboda harshe, biyan kuɗin zai iya yin amfani. Don kundin digiri kuwa, ni ban ga dalili ba. Mai gyaran bai san mudu ko fadama ba sai ka yi masa bayani, kuma gyaransu ba lamunin karɓar maƙala ba ne.

Ko wa ka zaɓa, ka gindaya masa cewa ya kunna Track Changes a cikin Word, domin ka ga kowace kalma da ya taɓa, ka karɓa ko ka ƙi. Wanda ya miƙo maka babi fes ba alamar inda ya sa hannu, sai ka zauna ka gwada kowane adadi da na asali. Ka kuma haɗa masa da littafin ƙa'idar rubutu na sashenku, domin wasu sassan ba sa yarda da "I" ko "we", alhali salon rubutun bincike na APA ya yarda da su. Mai gyara ba zai san wanne ake bi a wurinku ba sai ya gani.

Ƙanen nawa dai hanya biyu ya bi. Ya fara zama da Daktan awa guda suka tsayar da abin da ya faru a kasuwa da gona, ya koma ya sake rubuta babin da hannunsa, sannan ya kai wa malamin Turanci ya share nahawun. Da malamin ya dawo da shi, mun bi gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya muka ƙi: inda ya mayar da "many" zuwa "a significant number of" don jimlar ta yi nauyi, domin a babin bincike duk wanda ya ga "significant" zai nemi gwajin ƙididdigar da ya tabbatar da shi. Mun cire duka biyun, muka sa ainihin adadin manoman.