Kai ka ce 12, shi ya ce 9: wace hanya za ka bi ka sayar da kasuwancinka?

A ce kasuwancinka yana kawo ribar miliyan 3 a shekara. Kai kana neman ribar shekara huɗu, wato miliyan 12, mai saye kuwa ya tsaya a kan 9, don gani yake rabin masu hulɗa da wurin saboda kai suke zuwa. Tazarar miliyan 3 ce ta hana a yi sallama.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka karɓi 9 lakadan ka kama gabanka. Babu laifi idan kana cikin matsi, amma ka yi wa wani kyautar ribar shekara guda.

Ta biyu ita ce a ce ragowar 3 ɗin sai in kasuwancin ya kai wata riba da aka yanka. A baki tana da daɗi, kuma ita ce ta ƙona ni. Wanda na sayar wa yana karɓar makulli ya yanka wa kansa albashi mai tsoka, ya sayi mota da sunan kamfani, ya zuba kuɗin gyaran da za a mora shekara biyar a lissafin shekara ɗaya. Ciniki bai ragu ba, amma a takarda riba ta ɓace, kuma ban sami abin kama shi da shi ba, domin littafin yana hannunsa. In dole sai wannan hanyar, a ɗaura ta kan jimillar ciniki, ba riba ba, kuma ka riƙe ikon ganin bayanan asusun banki duk wata.

Wadda nake so ita ce ka bi shi bashin ragowar da adadi tsayayye. A yi ciniki a kan 12, ya ba ka 8.4 a hannu, sauran 3.6 ya riƙa biyan dubu 100 duk wata har wata 36. Riba ta hau ko ta sauka, ba ruwanka. Abin da za ka duba shi ne ko kasuwancin zai iya ɗauka: miliyan 1.2 a shekara cikin ribar 3 ya bar masa 1.8 ya ci abinci ya juya jari. Da ka matse shi a wata 18, biyan zai koma 2.4 a shekara, ranar da kasuwa ta yi sanyi kuma kai ne farkon wanda zai daina biya.

Kada dai ka yaudari kanka cewa 12 ka sayar. Kuɗin baɗi ba kuɗin yau ba ne. Idan darajar kuɗi tana zaizayewa da kashi 15 cikin 100 a shekara, wannan 3.6 ɗin bai wuce kimanin 2.9 na yau ba, kenan 11.3 ka samu. Ya dai fi 9 nesa ba kusa ba.

Sai dai bashi ba jingina sadaka ce da ba a yi niyya ba. Mai wayo zai buɗe sabon kamfani wanda ba shi da ko kujera, kamfanin ne zai sa hannu, in biya ya tsaya sai ka tarar da kwanon da babu komai ciki. Don haka shi kansa mutumin ya tsaya wa bashin da sunansa, injuna da kayan aiki su zama jingina, lauya ya yi mata rajista yadda dokar wurin ta tanada. A rubuta cewa in ya tsallake biya biyu, duk ragowar ta wajaba nan take, kuma ba zai sayar da manyan kayan aiki ba sai da izininka.

Tambaye shi daga ina 8.4 ɗin ta fito. In rancen banki ce, yawanci bankin zai nemi a sa shi gabanka, wato in abu ya lalace shi zai fara kwasa, kai ka jira saura. Ka kuma lura da layin da ke cikin yarjejeniya wanda ke ba mai saye damar cire wa kansa, daga kuɗin wata, duk wata asara da ya ce ya gano. Da wannan layin ake cinye bashi a hankali: yau inji ya tsufa, gobe wani bai biya ba. A sa masa iyaka da wa'adi, kuma a naɗa akawun da zai raba gardama.

Alamar farko ba rashin biya ba ce. Kuɗin ranar 1 zai fara shigowa ranar 9, sai ya turo rabi da alƙawari, sai bayanan asusu su daina zuwa. Tun a jinkirin farko ka aika masa takardar gargaɗi, ko da kuna gaisawa da fara'a.