Hattara da masu auna rufin gida daga hoto su karɓi kuɗin sola

Jama'a, akwai wata damfara da ta kusa rutsawa da yayana, shi ya sa na ga ya dace in yi bayaninta. Wani mai tallan kayan sola ya ce masa ba sai ya zo gidan ba, a turo hoton gidan kawai ta waya. Ko minti goma ba a yi ba sai ga amsa: rufin murabba'in mita 120 ne, zai ɗauki faranti 20 masu wat 550, wato kilowat 11, a tura kafin alƙalami yau domin kaya sun kusa ƙarewa. Allah ya sa Yaya ya kira ni kafin ya tura, da yake na daɗe ina wannan aiki.

Hoton da aka ɗauka daga ƙasa ba ya ba da awo. Abin da ke kusa da kyamara yana girma, na nesa yana ƙanƙancewa, kuma gefe ɗaya ko biyu kawai ake gani. Hoton tauraron ɗan Adam ya fi shi, domin ana iya samun tsawo da faɗin ginin, kuma kamfanonin kirki ma suna amfani da shi wajen ƙiyasin farko. Amma shi ma ba ya nuna gangaren rufi, balle ya nuna ko katakon da ke ƙarƙashin kwano gara ta ci shi. Faranti ɗaya mai wat 550 nauyinsa ya haura kilo 25.

Na ɗauki tef da tsani na je. Ginin mita 12 ne a tsawo, 10 a faɗi, to a nan ya samo 120 ɗinsa, ya yi sa'a bai yi nisa da gaskiya ba. Sai dai rufin mai gangare huɗu ne. Faranti yana son ya fuskanci inda rana ta fi daɗewa, kudu ga wanda ke arewa da tsakiyar duniya, arewa ga wanda ke kudu da ita. Gefen da ya dace a gidan Yaya faɗinsa mita 12 ne a ƙasa, amma yana tsukewa har ya koma mita 2 a ƙololuwa, tsayin gangaren kuma mita 5.5. Murabba'in mita 38.5 ke nan.

A nan ne ake yaudarar ko wanda ya iya lissafi. Irin wannan faranti tsawonsa kusan mita 2.28, faɗinsa 1.13, yana cin wajen murabba'in mita 2.6. In ka raba 38.5 da 2.6 za ka samu 14, sai ka ce to ai da sauƙi. Amma faranti ba tabarma ba ne da za a naɗe gefensa ya shiga kusurwa. Da na bar rabin mita daga bakin rufi saboda iska da wurin taka ƙafa, layin farko ya ɗauki biyar, na biyu guda ɗaya tal. Shida ke nan, kilowat 3.3. Ko da an kwantar da su a kaikaice, ina 20?

Sauran 14 ɗin fa? Abin da irinsu ke yi, in ma ba su gudu da kuɗin ba, su jera su a gefen da tankin ruwa ko bishiya ke yi wa inuwa, su haɗa duka a layin waya ɗaya. Faranti guda da inuwa ta rufe yana ja wa 'yan layinsa baya. Ko kuma ranar aiki su ce rufin bai isa ba, a ƙaro kuɗin ƙarfen kafawa a ƙasa, alhali kuɗinka na hannunsu.

Abin da ya fi tona asirinsa shi ne bai taɓa tambayar me ake kunnawa a gidan ba. Lissafin sola daga nan yake farawa, rufi daga baya yake zuwa. Da muka haɗa firiji, fankoki, fitilu, talabijin da injin jan ruwa, mun samu kusan kilowat-awa 9 a yini. Na ɗauki awa 5 na rana mai ƙarfi, na cire kashi 25 cikin ɗari na asarar zafi da ƙura da waya da inbata:

9 ÷ (5 × 0.75) = 2.4

Kilowat 2.4, faranti biyar sun wadatar, kuma layin farkon nan ya ɗauke su duka.

Na ce wa Yaya ya nemi mutumin ya zo ya hau rufi ya auna, ya kawo zanen da ke nuna inda kowane faranti zai zauna, ya rubuta lambar samfurinsa da girmansa, sannan a yi maganar kuɗi. Mutumin ya amsa cewa na'urarsu ba ta kuskure, kuma akwai rangwamen da zai ƙare da magariba. Da Yaya ya ce zai biya kuɗin motar zuwa awon, shiru har yau.