Jawabin Biki da Larabci: Malamin Nahawu ko Ɗan Gida?

"Ƙanena zai auri 'yar Sudan, ni aka ɗora wa yin jawabi a walima a madadin danginmu. Na rubuta da Larabci. Wa ya fi dacewa ya duba min, malaminmu na nahawu ko wani malami Basudane da ke koyarwa a unguwarmu?"

Ɗan'uwa, kai wa Basudanen. Na taɓa bin hanyoyin biyu da takarda ɗaya, lokacin da nake karatu a Khartum aka ce in yi magana a bikin abokina a Omdurman.

Da farko wani ɗalibi Bahaushe da ya fi mu nahawu na kai wa, mutumin da Alfiyya ke kansa, har na ba shi ɗan abin shayi. Ya gyara wasulla tsaf, ya mayar min da "lakum" zuwa "lakuma" a duk inda ango da amarya kaɗai nake nufi. Iyakar abin da na samu ke nan, kuma takardar ta dawo da ciwonta.

Wanda ya gano ciwon wani dattijo ne maƙwabcinmu, tsohon malamin makaranta. Bai karɓi biro ba. Ya zuba min shayi ya ce in miƙe in karanta da ƙarfi kamar ina gaban jama'a. Ina isa wurin addu'a ya ɗaga hannu, ya ce, "Ɗana, wane ɗaki ne ya yi datti?" Ashe "Allah ya kawo ƙazantar ɗaki" na ɗauko na sa mata rigar Larabci, na rubuta "wasakhul gurfa". A nahawu babu abin da ya same ta, kuma mai gyaran farko bai ji komai ba saboda kunnensa na Hausa ne, yana karantawa yana jin 'ya'ya. Balarabe kuwa shara kawai zai ji, a gaban iyayen amarya. Dattijon ya sa na rubuta "wa razaƙakumaz zurriyyatas saliha". Haka ya yi da "zaman lafiya" da na fassara da kalmar zama, ya ce ayar Suratur Rum ta 21 ta riga ta ba ni kalmomin: "mawadda" da "rahma".

Sai nauyin harshe, wanda littafi ba ya koyarwa. Mu da muka taso da fiƙihu "nikahi" muke cewa, shi ya sa na maimaita ta sau huɗu. Ya soke duka. Ya ce wurinta littafi ne da gaban mai ɗaura aure, a taron da mata da yara suke tana da nauyi a kunne, sai a ce "zawaj" ko "aƙdul ƙiran". Inda na ce wa uban amarya "bintukum" ya mayar da ita "karimatukum", don haka ake ambaton 'yar mutum cikin girmamawa. Ya rage min jimlolin saja'i da na jera, ya ce huɗubar Juma'a suka yi kama da ita. A ƙarshe ya ba ni izinin jimla ɗaya tak ta yaren gida, "bait mal wa iyal", addu'ar da Sudanawa ke yi wa sabbin ma'aurata ta gida mai dukiya da 'ya'ya. Da na faɗe ta sai guɗa ta tashi daga ɓangaren mata.

Wuri ɗaya ne ba zan bar wa Basudanen shi kaɗai ba, wato addu'ar da ta zo a hadisi. Lafazinta a riwayar Abu Dawuda da Tirmizi daga Abu Huraira shi ne "Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi khair". Mutane sukan ce "lakuma" da "alaikuma" idan su biyun ake fuskanta, amma in ka ce Annabi (SAW) ne ya faɗa, to kawo ta yadda ta zo. Idan kuma wani ya cusa maka "bir rifa'i wal banin" don ta yi daɗin faɗa, cire ta. Gaisuwar Jahiliyya ce, babu ambaton Allah a ciki, kuma 'ya'ya maza kaɗai ta roƙa. A nan malaminku zai yi amfani, minti biyar sun ishe shi. Aya kuwa ka buɗe Mus'hafi ka gwada harafi da harafi.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu tallar gyaran Larabci a waya da ke cewa a tura kuɗi tukuna. Wasu tsohon jawabi suke da shi a ajiye, su sauya sunaye su turo. Alamarsa ita ce ya dawo cikin rabin awa, ya ninka naka tsawo, labarin ƙanenka ya ɓace. Ka ce ya nuna maka jimla uku da ya sauya tare da dalili kafin ka biya ko sisi.

Ka je wurin Basudanen da takardar a hannu, ka karanta masa a tsaye, ka kuma tambaye shi daga wane yanki dangin amaryar suka fito kafin ya zaɓa maka jimlar rufewa.