Kwastomomin gida ko na waje, kuma a kirga shafi ko kalma?

"Salam 'yan'uwa. Ina jin Turanci da Hausa sosai, ina so in riƙa yin fassara bayan na tashi daga aiki. In fara da mutanen gida ne ko in shiga shafukan waje? Sannan nawa zan riƙa cewa?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni dai duk biyun na taɓa, bari in jera maka su.

Na gida su ne ɗalibai masu tambayoyin bincike da za su kai ƙauye, da ƙungiyoyi masu takardar wayar da kai kan rigakafi ko noma, da ɗan kasuwa mai son talla. Samunsu ba wuya, ka fassara shafi ɗaya mai kyau ka ajiye Turancin da Hausar gefe da gefe, ka tura wa mutum goma da ka san suna aiki a irin wuraren nan, wani zai kira ka. Kuɗin kan zo da wuri amma fa akwai ciniki kamar a kasuwa, da "haba ai Hausa ce kawai", ga ɗan'uwa da zai ce a yi masa don zumunci. Rabin kuɗi kafin ka taɓa aikin, wannan kar ka ji kunyar faɗa.

Na waje kuwa, irin su shafukan neman aiki na ProZ da Upwork, galibi da dala ake biya, kuma galibi da kalma suke kirgawa. Sai dai kana iya wata biyu ba wanda ya waiwaye ka tunda ba ka da tarihin aiki, kamfanonin fassara sukan ba ka gwaji kyauta na kalma 200 zuwa 300, kuma kuɗi sai bayan kwana 30 ko 60 da tura takardar neman biya. In gwaji ya kai kalma dubu to ba gwaji ba ne, aikinsu suke so ka yi musu a banza. A ganina ka fara da gida, kana yi kana buɗe shafinka a can. Aikin sa-kai na ƙungiyar masu fassara ta Translators without Borders ma yana ba mutum abin nunawa.

Yanzu farashi, nan ne na sha wuya. Wata ƙungiya ta kawo min takardar tambayoyi shafi 8, na ce naira 2,000 duk shafi, 16,000 kenan, har ina murna. Da na buɗe sai ga ƙananan rubutu cunkus cikin tebur, kalma wajen 4,000. Ka ga naira 4 duk kalma ta kama, dare huɗu ina kanta. Shafi ba ma'auni ba ne, wani kalma 150 ne wani 600. Amfaninsa ɗaya, kwastoman gida ya fi gane shi, kuma ya dace da ƙananan takardu irin takardar haihuwa ko shaidar makaranta, waɗannan kuɗi ɗaya ake yanka musu.

Kalma ta fi adalci, amma ka kirga na takardar da aka kawo maka, kar ka kirga na fassararka. Hausa tana da ƙananan kalmomi da yawa, ya, ta, na, da, sai, don haka daga Turanci zuwa Hausa adadin kan ƙaru, kwastoma ya ga kamar da gangan ka ja zancen. In kun kirga tun farko kowa ya san kuɗin kafin a fara. A Word ka danna Ctrl+Shift+G zai nuna maka adadin.

Yadda za ka fitar da naka kuɗin: ɗauki rubutu ka sa agogo, ka fassara har da sake karantawa. A ce kalma 300 ka yi a awa, kuma kana ganin awarka bayan aiki, da data da cajin waya, ba ta yi ƙasa da naira 3,000 ba, to naira 10 duk kalma ke nan, waccan takardar da ta zama 40,000. Misali ne fa, ka sa lambobinka. Takardar asibiti ko ta shari'a ka ƙara, don kalma ɗaya tana iya cinye maka rabin awa kana neman yadda tsohuwa a ƙauye za ta gane. Na gaggawa ma ka ƙara, hoton takarda da sai ka sake buga ta haka nan.

Kafin ka fara ka tambaya ko masu karatun 'yan Najeriya ne ko 'yan Nijar, don a nan Najeriya 'y muke rubutawa can kuma ƴ. Ka kuma tura da ƙ, ɗ, ɓ a wurarensu, in ba haka ba ƙasa ta koma kasa, a dawo maka da aiki ka gyara ba ko sisi.