Kataloƙ ɗin sari a waya: shafin hoto ko rubutu na gaske?

"Jama'a, kayana kala 120 ne, ina son haɗa PDF da zan riƙa tura wa masu sari. In mai da kowane shafi hoto guda in haɗe su, ko in shirya rubutu daban hotuna daban? Wanne ya fi saurin buɗewa?"

Ɗan'uwa, ka ɗauki ta biyun, da sharaɗin ka rage hotunan kafin ka saka su.

Hanya ta farko sauƙinta ne ke jan mutane, kuma shafi yana fitowa yadda ka tsara shi. Sai dai sunan kaya da lambarsa da farashinsa duk sun zama ɗigo-ɗigon hoto. Ka matse fayil ɗin, rubutu ya dushe, har 3 ta yi kama da 8 idan mai saye ya faɗaɗa. Ka bar shi da kaifinsa, nauyi ya ƙaru. Abin da ya fi damuna shi ne mai sari ba zai iya neman lambar kaya ko kwafe ta ya turo maka ba, dole ya bi shafi-shafi.

A hanya ta biyu, rubutu kusan ba shi da nauyi, kuma komai faɗaɗawa yana nan rangaɗaɗau. Nauyin duk yana kan hotuna, a nan ake yin kuskure. Hoton da waya ta ɗauka mai fiksel 4000 da 3000 yakan kai MB 3, ka ga guda 120 sun tashi MB 360. Jan gefen hoto ya ƙanƙance a shafi ba ya rage nauyinsa a manhajoji da yawa. Ka fara mayar da faɗin kowanne fiksel 600, ka adana shi a JPEG da inganci wajen 70. Kowanne zai dawo kusan KB 50, jimilla MB 6 ke nan. Farin bango yana ƙara taimakawa, domin ya fi bango mai tarkace matsuwa. PNG kuwa a bar wa tambari.

Idan da Canva kake aiki, zaɓi PDF Standard, domin PDF Print na maɗaba'a ne. Wanda ya riga ya fitar da fayil mai nauyi, manhajar kwamfuta mai suna Ghostscript za ta sauke hotunan zuwa dpi 150, wato ɗigo 150 a kowane inci, ba tare da taɓa rubutun ba, da wannan umarnin:

```
gs -sDEVICE=pdfwrite -dPDFSETTINGS=/ebook -o karami.pdf babba.pdf
```

Kada ka cika shafin A4 da kaya goma sha biyu, a allon waya komai ƙanƙancewa zai yi. Kaya shida a siririn shafi sun isa, shafi 20 ke nan.

Kafin ka tura wa kowa, buɗe shi a waya mai ƙaramin ƙarfi, ka nemi lambar wani kaya da ke shafin ƙarshe. In binciken bai gano ta ba, rubutunka ya koma hoto wajen fitarwa, sai ka sake.